Intanet na sanyi bayan magariba: takardar koke da jerin awo

Ina Sabon Gari a Damagaram. Kullum bayan magariba intanet na akwatin wifin gidana sai ya yi sanyi. Na ɗan auna saurinsa da manhajar Speedtest, me zan rubuta wa kamfanin?

Malam, a fara gyara awon kafin a ɗauki alƙalami, don shi ne hujjar. Ka auna sau uku a rana har kwana 7: ƙarfe 7 na safe, 2 na rana, 9 na dare. Waya ɗaya, wuri ɗaya kusa da akwatin, kuma sabar da manhajar ta zaɓa ran farko, wato kwamfutar da take yin awon da ita, ita za ka riƙe. Yara su sauka daga wifin tukuna, in ba haka ba kamfanin zai ce mutanen gidanka ne suka cinye layin. Kowane awo ka rubuta kwanan wata, sa'a, Download wato saurin saukewa, Upload wato saurin aikawa, Ping wato jinkirin amsa, da yawan sandunan rezo, ka ɗauki hoton allon.

Da dare nake shan wahala, me ya kawo awon safe?

Shi ke nuna inda laifin yake. A ce da safe ka sami 18 Mbps, da dare 2 Mbps, Ping ya tashi daga 60 zuwa 300, sandunan rezo kuwa ba su motsa ba. Wannan alamar cunkoso ce: eriyar unguwa tana raba ƙarfinta tsakanin masu amfani da ita, bayan isha'i kuma kowa na kallon bidiyo. In safe da dare duk ɗaya ne, a duba ko forfe ya ƙare, ko akwatin na bayan bango mai kauri. Daren da aka ɗauke wuta ka yi masa alama daban, don wani lokaci eriya kan sauke mutane daga 4G in ta koma kan batir.

Awon kansa yana cin data. A 20 Mbps, daƙiƙa 10 na saukewa kusan mega 25 ne, shi ya sa muka ce uku sun isa.

To, me takardar za ta ƙunsa?

Shafi ɗaya. Lambar layi, forfen da ka saya da kuɗinsa, unguwa da wata alama sananniya kusa da gida. Sai jimla guda mai lambobi: daga ran kaza zuwa ran kaza, safe kusan 18, dare kusan 2, a dare 6 cikin 7. Kada ka ɓoye daren da ya yi kyau, su ma suna da nasu lissafin. Ka nemi abu takamaimai: a duba cunkoson eriyar, a amsa a rubuce cikin kwana 15, a mayar da kwanakin da aka yi asara. Kada ka dogara da saurin da ke tallarsu, in an rubuta "har zuwa" ba alkawari ba ne.

Ka kai kwafi biyu ofishinsu, a buga hatimi da kwanan wata a naka. In wa'adin ya wuce shiru, da wannan kwafin da jerin awon za ka kai koke hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa a Nijar.