Haɗa Nassin Larabci da Rubutun Boko a Takarda Guda

Rubutu mai alkibla biyu shi ne wanda ya ƙunshi haruffan da ake karantawa daga hagu zuwa dama, kamar bokon Hausa, da waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu, kamar Larabci da ajami. Ana yawan cin karo da shi a littattafan addini da kundayen bincike, inda ake kawo aya ko hadisi a tsakiyar jumlar Hausa. Kwamfuta tana adana haruffa ne bisa jerin da aka buga su, wato yadda baki zai furta su, sannan a lokacin nunawa ta sake jera su bisa ƙa'idar rubutu mai alkibla biyu ta Unicode, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Ƙa'idar tana cikin takardar UAX #9. Yawancin lalacewar da ake gani a shafi tana faruwa ne a wannan mataki na biyu, ko da an buga komai daidai.

Ƙa'idar ta kasa haruffa gida uku. Akwai masu ƙarfi, waɗanda alkiblarsu ba ta canzawa: haruffan boko, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna tafiya daga hagu, na Larabci kuma daga dama. Akwai masu rauni, galibinsu lambobi, waɗanda harafi mai ƙarfi na ƙarshe da ya gabace su yake yi wa tasiri. Sai 'yan ba-ruwanmu, irin su sarari tsakanin kalmomi da alamar motsin rai, kuma ɗigo da waƙafi da karan ɗori suna komawa cikinsu idan ba su haɗa lambobi ba. Ɗan ba-ruwanmu da ya faɗa tsakanin haruffa biyu masu alkibla ɗaya yana bin su, idan kuwa suka saɓa sai ya bi alkiblar sakin layin gaba ɗaya. Saboda haka kalmomin nassi kansu ba sa rikicewa. A bakin iyaka ne, inda Larabci ya ƙare Hausa ta ci gaba, ake samun matsala.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne lambar aya. A ɗauka marubuci ya rubuta "Allah Maɗaukaki ya ce", ya kawo ayoyi biyu na Suratus Sharh da Larabci, sannan ya buga (94:5-6) a bayansu. Da yake harafi mai ƙarfi na ƙarshe na Larabci ne, ƙa'idar tana ɗaukar 94, 5 da 6 a matsayin lambobin cikin rubutun Larabci. Alamar ruwa biyu tana riƙe 94 da 5 wuri guda, amma karan ɗori ba ya iya riƙe lambobi irin waɗannan, sai ya bi alkiblar dama. Baka biyun ma haka, tunda babu harafin boko ko ɗaya a cikinsu. Sakamakon shi ne lambar ta yi tsalle ta koma hagun ayar, tsakaninta da kalmar "ce", kuma mai karatu ya ga (6-94:5). Wannan kuskure ne mai nauyi, domin yana ɓata madogarar nassin, kuma ido yakan wuce shi a lokacin gyara. Da an rubuta (Sharh, 94:5-6), da harafin boko na farko ya maido da lambobin hanyarsu. Ta nan ake gane cutar: tana bayyana ne idan lamba ko alama ce kaɗai ta biyo bayan Larabci.

Maganin da ya fi inganci shi ne killace nassin, wato a shaida wa kwamfuta inda ya fara da inda ya ƙare, ta yadda abin da ke ciki ba zai shafi na waje ba. Unicode 6.3, wadda ta fito a 2013, ta ƙara haruffa marasa ganuwa domin wannan aiki: ana sa RLI (U+2067) kafin nassin, a rufe da PDI (U+2069). A HTML kuwa, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, sifar dir ce take yin killacewar:

```html
<p dir="ltr" lang="ha">Allah Maɗaukaki ya ce:
<span dir="rtl" lang="ar">إِنَّ مَعَ الْعُسْرِ يُسْرًا</span>
(94:6).</p>
```

A nan lambar ba ta ganin haruffan Larabcin, sai ta bi Hausar da ke gabanta ta zauna a daman ayar. Wajibi ne a lura da abin da ya shiga cikin killacen: alamar da ta kasance ta nassin, kamar alamar motsin rai a ƙarshen maganar Balarabe, tana shiga ciki, ɗigon da ya rufe jumlar Hausa kuma yana waje. Idan aka bar ta farkon a waje, za ta faɗo a daman nassin, wato a farkonsa.

Ba kowace manhaja ce ke gane haruffan killacewa ba, musamman tsofaffi, waɗanda kan nuna ɗan akwati a gurbinsu. A irin wannan hali ana amfani da LRM (U+200E), harafi mara ganuwa da ke aiki kamar harafin boko mai ƙarfi, a sa shi nan take bayan harafin Larabci na ƙarshe. A Microsoft Word ana buga 200E a danna Alt+X. LRM ɗin ne kuma maganin jerin sunayen littattafai na Larabci da waƙafi ya raba a cikin jumlar Hausa, inda waƙafin kan bi alkiblar dama ya mayar da na farko ƙarshe.

Matsala ta biyu ta shafi sakin layi dukansa. Inda ba a ayyana alkibla ba, kamar a manhajojin aika saƙo da yawa, harafi mai ƙarfi na farko ne ke yanke hukunci. Sakin layin da ya buɗe da bisimilla da Larabci zai manne da gefen dama gaba ɗaya, ɗigon ƙarshen jumlar Hausa ya koma hagu, kuma alamar da ke farkon kalma irin 'ya'ya tana iya rabuwa da kalmar ta faɗa bayanta idan Larabci ne ya gabace ta. Ana kauce wa wannan da dir="ltr", ko da sa LRM a farko, ko kuma a ba bisimillar layinta daban. Jera rubutu a gefen dama da maɓallin daidaita gefe ba ya canza alkibla. A Word, Ctrl da Shift na dama ne ke mayar da sakin layi na dama zuwa hagu, Ctrl da Shift na hagu su dawo da shi, muddin an kunna Larabci a na'urar.

Akwai gyaran da ya kamata a guje masa ko da ya yi kyau a ido: buga lambobi a juye domin su fito daidai, ko tura alama da jerin sarari. Da zarar faɗin shafi ya canza, ko aka kwafi rubutun zuwa wata manhaja, sai ya wargaje, kuma mai neman 94:5-6 a cikin takardar ba zai same shi ba.

Killacewa ba ta magance wahalar dogon nassi. Ana sake jera haruffa ne layi-layi bayan an karya rubutun, don haka nassin da ya haura layi guda yana farawa a ƙurewar daman layin farko, ya ci gaba daga tsakiyar na biyu, idon mai karatu yana kai da komowa. Ga shi kuma wasulan Larabci suna buƙatar tsayi fiye da boko, abin da ke sa tazarar layuka ta bambanta. Nassin da ya wuce 'yan kalmomi ya fi dacewa da sakin layinsa daban mai alkiblar dama, da salon haruffa irin Amiri ko Scheherazade New, sannan fassarar Hausa da lambar aya su biyo a layi na gaba.