Zangon farko a jami'ar waje: tambayoyin sababbin ɗalibai

Dole ne in halarci makon wayar da kan sababbin ɗalibai?

Dole ne. A nan ake karɓar katin ɗalibi, a buɗe maka imel ɗin makaranta, a nuna maka ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Wanda ya tsallake shi, shi ne yake dawowa a mako na huɗu yana tambayar abin da aka faɗa ranar farko.

In riƙa yawo da fasfona?

Ka tambayi ofishin abin da dokar ƙasar ta ce, domin ƙasashe sun bambanta. Amma tun yau ka ɗauki hoton shafin bayananka da na biza da takardar shiga makaranta, ka ajiye a wuri biyu.

Ban cika duba imel ɗin makaranta ba, akwai matsala?

Akwai. Ta nan ake aiko sauyin aji da ranar biyan kuɗi da gargaɗin rashin halarta, kuma "ban gani ba" ba uzuri ba ne a wurinsu. Sau ɗaya a rana, ba wuya.

Kwas ɗaya ya fi ƙarfina, zan iya ajiye shi kawai?

Tsaya, ƙanina, kada ka danna komai tukuna. Ɗan ƙasa yana iya ajiye kwas ya kwana lafiya, kai kuwa zamanka a ƙasar ya rataya ne a kan cewa cikakken ɗalibi ne kai, kuma da lissafin kiredit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas, ake auna hakan.

Ɗauki misalin mai digirin farko a Amurka da bizar ɗalibai ta F-1. Mafi ƙarancin abin da zai ɗauka a zango kiredit 12 ne. A ce ya yi rajistar kwas 5, kowanne kiredit 3, jimla 15. In ya ajiye ɗaya, saura 12, yana nan daram. In ya ajiye biyu, ya koma 9, ya faɗo ƙasa da iyaka, kuma matsayinsa na biza ya shiga haɗari, sai fa in jami'in ofishin ɗaliban waje ya ba shi izini kafin ya ajiye. Kafin, ba bayan ba. Dalilan da ake karɓa ma kaɗan ne, kamar rashin lafiya da takardar likita, ko wahalar harshe da tsarin karatu a farkon zuwa. Akwai wani tarkon kuma: a cikin 12 ɗin nan, kwas ɗaya tak na intanet, ko kiredit 3, ake ƙirgawa. Mai kwas 5 wanda biyu daga ciki na intanet ne, in ya ajiye na aji guda, a takarda yana da 12, amma a lissafin biza 9 ne.

A Turai lissafin ya sha bamban. Shekarar karatu kiredit 60 ce a tsarin ECTS, tsarin kiredit na jami'o'in Turai, wato 30 a zango, kuma kowane kiredit aikin awa 25 zuwa 30 ne. Wasu ƙasashen ba abin da ka yi rajista suke kallo ba, abin da ka ci suke kallo. A Holan, ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai sai ya ci aƙalla rabin kiredit ɗin shekara, in ba haka ba jami'a na iya sanar da hukumar shige da fice, sai dai in yana da uzuri karɓaɓɓe.

Sai batun lokaci. Yawancin jami'o'i suna ba da mako ɗaya ko biyu a farkon zango, wanda ya ajiye a ciki ba abin da zai fito a sakamakonsa. Bayan nan, a wurare da dama za a rubuta W, alamar ka janye, a gaban kwas ɗin, kuɗinsa kuma ba lallai ya dawo ba. In tallafin karatu kake ci, karanta takardar sharuɗɗansa, don iyakarsu na iya fin ta biza tsauri. Ka kuma duba ko kwas ɗin sharaɗi ne na wani a zango mai zuwa. In sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, ajiye shi na iya ƙara maka shekara guda.

To, ga tsarin da za ka bi: malamin kwas, sannan mai ba ka shawarar karatu, sannan ofishin ɗaliban waje. Amsar ofishin a rubuce za ka nema, ba ta baki ba. Kuma kwantar da hankalinka, sau da yawa ana samun mafita in ka je da wuri, kamar musanya shi da wani mai kiredit iri ɗaya.

Abokina ya ce shi ya ajiye biyu, ba abin da ya same shi.

Bizarka a fasfon abokinka take? Wataƙila matakin karatunku ba ɗaya ba ne, wataƙila wasiƙarsa ce ba ta iso ba tukuna.

Malami zai ji haushi in na je ofishinsa?

Ba zai ji ba. Awoyin ganin ɗalibai suna rubuce a takardar tsarin kwas, don kai aka ware su. Ka je da tambaya takamaimiya da aikin da ka gwada ya gagara.