Asarar ruwa da gishirin jiki ga masu atisayen gudu a lokacin zafi da laima

Asarar ruwa da gishirin jiki ita ce raguwar ruwa da sinadarin sodiyam da ke samun mai gudu ta hanyar zufa. Sodiyam shi ne ɓangaren gishirin miya da jiki ke riƙe ruwa da shi a cikin jini, kuma da shi jijiyoyi ke aika saƙo. Kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin gishiri sodiyam ne, wato giram ɗaya na sodiyam daidai yake da giram biyu da rabi na gishiri.

Yadda yanayin Kano ke shafar zufa

Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata. Lita ɗaya idan ta bushe takan tafi da zafin da ya kai kusan kilokalori 580. Wadda ta ɗiga ƙasa kuwa ta tafi a banza.

A Kano shekara tana kawo zafi iri biyu. A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin rana kan kai digiri 40, amma iska a bushe take. Zufa na fitowa tana bushewa, har mutum ya zagaya Filin Sukuwa ya dawo da riga kusan a bushe, sai dai farin zane na gishiri a wuya da bayan hula. Irin wannan mai gudu yakan ɗauka bai yi gumi ba, alhali ya zubar da ruwa mai yawa. Daga ƙarshen Mayu, da zarar hadari ya fara taruwa, har zuwa Satumba, sai lamari ya juya. Zafin ya ragu a ma'auni, amma iska ta cika da laima, ba ta iya ɗaukar zufa. Riga ta jiƙe sharkaf, takalmi ya cika da ruwa, jiki kuma bai huce ba, don haka sai ya ƙara zubo da wata zufar. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare, rana ta fito babu iska, tana cikin lokutan da suka fi wahalar da mai gudu, kuma ita ce aka fi raina wa.

A irin wannan yanayi ƙarin shan ruwa ba ya maye gurbin bushewar zufa. Abin da ke rage zafin jiki shi ne rage sauri, gajarta zango, da fita da sassafe bayan sallar asuba.

Auna zufa da sikeli

Yawancin masu gudu kan zubar da zufa tsakanin rabin lita da lita 2 a awa ɗaya, kuma bambancin mutum da mutum yana da faɗi ƙwarai. Gishirin cikinta ma haka: daga kusan miligiram 450 na sodiyam a lita har fiye da 1,800, galibi kuma kusa da 900. Saboda haka babu adadin ruwa guda da ya dace da kowa. Hanya mafi sauƙi ta sanin naka ita ce sikeli, domin kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya.

A ɗauki misalin mai gudu da ya yi fitsari, ya hau sikeli ba kaya ya ga kilo 65. Ya yi gudun minti 90 a titin BUK da safiyar wata rana a Agusta, a hanya ya sha fiya wata biyu, kowace leda rabin lita. Da ya dawo ya tuɓe jiƙaƙƙun kaya, ya goge jiki, sikeli ya nuna 63.6. Ya ragu da kilo 1.4, a haɗa da litar da ya sha, zufarsa ta zama lita 2.4, wato lita 1.6 a kowace awa. Wanda ya hau sikeli da jiƙaƙƙiyar riga ya ɓata lissafin, don rigar tana ɗauke da zufar da ake son a cire.

Raguwar kilo 1.4 ta ɗan haura kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, iyakar da masana lafiyar wasanni suka saba ba da shawarar kada a wuce ta a lokacin zafi. Daga nan ne bugun zuciya ke ƙaruwa ko da sauri bai canza ba, ƙafa ta yi nauyi. Ƙarin leda ɗaya a hanya ya isa ya riƙe shi ƙasa da wannan iyaka. Idan zufarsa matsakaiciya ce, ya yi asarar sodiyam kusan miligiram 2,200, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri.

Bayan gudu ana so ya sha kusan lita ɗaya da rabi a kan kowane kilo da ya ragu, domin wani ɓangare zai fita a fitsari. A nan kusan leda huɗu ke nan, kaɗan-kaɗan cikin 'yan awanni, tare da abinci mai gishiri. Ɗumamen tuwo da miyar kuka, ko ƙosai da yaji, suna mayar da gishirin fiye da zoɓo ko lemon kwalba, waɗanda sukari ya fi yawa a cikinsu. Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa zalla da abincin gida sun wadatar. Idan zai kai awa biyu, ko mutum na cikin masu barin farin zane a riga, ruwan gishiri da sukari irin na ƙulli da ake sayarwa a kemis yana da amfani, a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikin takardarsa.

Haɗarin shan ruwa fiye da kima

Sodiyam a jinin mai lafiya yana tsakanin milimol 135 da 145 a lita. Idan mutum ya sha ruwa fiye da zufar da yake yi, jini yakan yi ruwa-ruwa, sodiyam ya faɗo ƙasa da 135, ruwa ya kutsa cikin ƙwayoyin jiki har da na ƙwaƙwalwa su kumbura. A gasar dogon gudu ta birnin Boston da ke Amurka ta shekarar 2002 an gwada jinin masu gudu 488, aka samu kashi 13 cikin ɗari da wannan matsala, kuma babbar alamar da ta haɗa su ita ce ƙaruwar nauyi a lokacin gudun. Ta fi samun masu tafiya a hankali da ke ɗaukar awanni huɗu ko fiye suna sha a kowane zango. Shan ruwa mai gishiri ba ya kare wanda ya cika sha, domin gishirin cikinsa bai kai na jini ba.

Abin da ya sa matsalar ke da ban tsoro shi ne kamarta da ƙarancin ruwa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Abokan gudu da niyyar taimako sai su yi ta ɗura wa mai wannan matsala ruwa, su ƙara masa ciwo. Ana bambanta su da abin da ido ke gani. Mai ƙarancin ruwa yana jin ƙishirwa, bakinsa a bushe, fitsarinsa kaɗan ne mai duhu, nauyinsa ya ragu. Wanda ruwa ya yi wa yawa cikinsa a cike yake yana ƙugi, yatsunsa sun kumbura har zobe ko agogo ya matse shi, nauyinsa bai ragu ba ko ma ya ƙaru. Idan ya fara amai, ruɗewa ko jijjiga, kada a ba shi ruwa, a garzaya da shi asibiti a gwada jininsa. Idan kuma ruɗewar ta zo da jiki zafi rau, to bugun zafi ake tsoro, sai a kai shi inuwa a yi ta kwarara masa ruwan sanyi a jiki tun kafin a samu abin hawa.

Sabo da zafi

Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da sabon yanayi. A cikin wannan lokaci zufa takan fara fitowa da wuri, ta ƙaru, gishirin kowace lita kuma ya ragu. Don haka awon da aka yi a hunturu ba ya aiki a damina, sai an sake. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya ƙara gishiri sai da izinin likita, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuforofen kafin dogon gudu suna ƙara wa ƙoda nauyi a lokacin da jinin da ke zuwa mata ya riga ya ragu.