Dokar kwatanci a Turanci: me ya sa “more easier” kuskure ne?

Duk malamin da ya taɓa duba takardun insha'in Turanci na 'yan sakandare ya saba cin karo da “more easier”, “more better” da “most best”. Ba rashin ƙwazo ke jawo su ba. Ɗalibi ya koyi hanyoyi biyu na kwatanci, sai ya haɗa su wuri ɗaya don kada ya yi asara, alhali dokar ta ce alamar fifiko sau ɗaya ake sa ta.

Ga hanyoyin. Idan sifa gajera ce, mai gaɓa ɗaya, ana liƙa mata -er a ƙarshe yayin kwatanta abu biyu, a liƙa -est idan abu ɗaya ya fi sauran duka: “tall, taller, tallest”. Idan doguwa ce, mai gaɓa uku ko fiye, ba a taɓa jikinta, sai a sa “more” ko “most” a gabanta: “more expensive, most expensive”. Masu gaɓa biyu ne ke da 'yar sarƙaƙiya. Waɗanda suka ƙare da y suna bin hanyar farko, y ɗin ta koma i, shi ya sa “easy” ke zama “easier”. Irin su “careful” da “famous” kuwa “more” suke ɗauka. Wasu kaɗan, kamar “clever” da “quiet”, ko wacce ka bi daidai ne, muddin ba ka bi duka biyun a lokaci guda ba.

To, “easier” ta riga ta ɗauki fifikonta a wutsiya, don haka “more” ba ta da aikin yi a gabanta. Haka “better” da “best”, waɗanda suka fito daga “good”, da “worse” da “worst” daga “bad”. Sun sauya kama gaba ɗaya, shi ya sa mutane ke mantawa cewa aikin ya riga ya kammala a cikinsu.

A ganina, yawancin masu cewa “more better” so suke su ƙarfafa magana, su nuna fifikon ba kaɗan ba ne. Buƙatar gaskiya ce, kuma Turanci ya tanadar mata kalmominta: “much better”, “far easier”, “a lot cheaper”. A matakin ƙoli kuma a ce “by far the best”. Gara malami ya ba ɗalibi waɗannan da ya tsaya ga jan layi da jan biro kawai.

Sai batun “than” da “as”. A nan Hausa tana taimakonmu sosai, domin mu ma mun raba su da “fi” da “kai”. Idan abin da ke ranka shi ne “ya fi”, to sifar za ta ɗauki -er ko “more”, sannan “than” ta biyo baya. Kogin Neja ya fi na Binuwai tsawo: “The Niger is longer than the Benue.” Idan kuwa “ya kai” kake nufi, sifar tana zama yadda take, a tsakanin “as” guda biyu. Binuwai bai kai Neja tsawo ba: “The Benue is not as long as the Niger.”

Mu ɗauki jimlar da ɗalibi zai iya rubutawa: “Maths is more easier as Physics.” Tambayar farko, me yake son faɗa? Lissafi ya fi sauƙi. Tunda “fi” ce, “as” ba ta da mazauni, “than” ce za ta shiga. Tambaya ta biyu, alamar fifiko nawa ce a jimlar? Biyu, “more” da -er. Sifar ta ƙare da y, saboda haka -er ce mai gurbin, “more” ta fita. Abin da ya rage: “Maths is easier than Physics.” Da nufinsa sauƙinsu ɗaya ne, sai a kwance -er ɗin ma: “Maths is as easy as Physics.”

Akwai wuraren da wannan ma'auni na “fi” ke yaudara, kuma masu shirya tambayoyin jarrabawa sun san su. Muna cewa ya fi shi girma a aiki, amma “senior”, “junior”, “superior” da “inferior” duk “to” suke ɗauka, ba sa karɓar “than” kai tsaye: “She is senior to me.” Haka “prefer”: “I prefer tea to coffee.” Ninki ma yakan rikita mutane, domin abin da ya ninka wani ya fi shi, amma Bature “twice as big as” yake cewa. Ita kuma “same” kullum da “as” take tafiya: “My bag is the same as yours.”