Littafin zaman kwamitin ruwa: abin da sakatare zai rubuta kafin a tashi

An naɗa ni sakataren kwamitin bohol na layinmu a unguwar Rikkos da ke Jos. Duk abin da aka faɗa a zama zan rubuta?

A'a. In ka ce za ka bi bakin kowa, biro zai ƙare ba ka kama komai ba. Abin da littafi ke buƙata shi ne matsayar da aka tsaya a kai. A saman shafi ka sa rana, wuri da lokacin da aka fara, sannan ka zagaya da littafin kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu. Wanda ya aiko da uzuri ka nuna. Daga nan abu uku ne: nawa ya shigo nawa ya fita, wa aka ɗora wa wane aiki, da ranar da za a dawo a duba. Cacar bakin da aka yi kan mai gyaran da ya gabata kuwa, layi ɗaya ya ishe ta: an tattauna, mutum bakwai sun goyi bayan a canza shi, biyu ba su goya ba.

Yaya zan rubuta kuɗin da mutane suka bayar? Wasu sun biya, wasu sun ce sai ƙarshen wata.

Nan ne kwamitoci suka fi faɗawa rami, domin sakatare yakan haɗa alkawari da kuɗin da ya shiga hannu a lissafi ɗaya.

A ce layinku gida 40 ne, sumo ɗin bohol, wato injin da ke cikin rijiya yana turo ruwa sama, ya ƙone, aka yanke wa kowane gida naira 5,000. Wannan 200,000 ke nan. Wani attajirin layin ya miƙe ya ce shi zai ba da 100,000, aka yi kabbara. Sakatare cikin murna ya rubuta "an tara 300,000". Ba a tara ba tukuna, an dai yi alkawari. Bayan mako biyu abin da ya faru shi ne gida 26 sun biya cif, 130,000. Gida 6 sun kawo rabi-rabi, 15,000. Gida 8 shiru. Attajirin ya turo 40,000. Abin da ke hannun ma'aji 185,000 ne, ana bin 115,000. Ranar da mai gyara ya zo karɓar kuɗi aka ce ba su kai ba, wanda ya ji an karanta 300,000 zai tambayi inda sauran suka shiga, kuma ma'aji za a kalla, alhali bawan Allah bai ci ko kwabo ba.

Don haka ka ja layi huɗu a shafin kuɗi: sunan gida, abin da aka yanke masa ko ya yi alkawari, abin da ya biya tare da rana da lambar rasit, sai abin da ya saura. A cikin bayanin zama kuma jimilla kawai za ka kawo, ka raba ta yadda take: 120,000 a banki, 65,000 tsaba a hannun ma'aji. In an biya 30,000 don ciro sumo daga rijiya, ka rubuta wanda ya amince da biyan, ka nuna saura 155,000. Kafin a tashi, ma'aji ya ƙirga tsabar a gaban mutum biyu, ya nuna saƙon banki na ƙarshe, su sa hannu a gefen adadin. Mutane kan ji nauyin neman haka, kamar ana zargin mutum. Ma'ajin da ya san ciwon kansa shi ne ma zai fara nema.

Wanda ya tura kuɗi ta waya da asusun matarsa ko na shagonsa, ka rubuta sunan da ya fito a saƙon tare da gidan da aka biya wa. In ba haka ba, wata uku nan gaba za ka ga 5,000 ba mai ita, ga kuma mutum yana rantsuwa ya biya.

To wanda ya ba da siminti ko ya yi aiki da hannunsa fa?

Shafi daban. Buhu biyu na siminti ka rubuta su buhu biyu, kada ka mayar da su naira ka zuba cikin jimilla, sai lissafi ya kumbura babu kuɗi a ƙasa. In kwamiti ya yarda aikin birkila na kwana biyu ya tsaya a madadin 5,000 ɗinsa, wannan matsaya ce, a rubuta ta, kuma a rage abin da ake sa ran tarawa. Haka gidan marayu ko gyatumar da aka yafe wa: a rubuta "an ɗauke wa gida biyu bisa amincewar zama", sunayen su tsaya a shafin ma'aji, ba sai an karanta su a bainar jama'a ba.

Kullum mukan raba aiki amma mu dawo ba a yi ba. Laifin rubutun ne?

Sau da yawa, e. Buɗe littafinka ka duba. In ka ga "za a nemo mai gyara" ko "matasa za su kula da tanki", to ba a ɗora wa kowa komai ba. Kowane aiki suna ɗaya yake so, ko da mutum uku za su yi shi, sai rana, sai iyakar kuɗi. Misali: mataimakin shugaba zai kawo farashin sabon sumo a rubuce daga shago biyu, kafin Asabar 14 ga wata, kuma ba zai biya komai ba sai zama ya gani. Mai riƙe da makullin famfo ma a rubuta sunansa da lokutan buɗewa, da wanda zai karɓa in ya yi tafiya.

Wata dabara ƙarama: kafin addu'ar tashi, ka karanta ayyukan da babbar murya, kowa ya amsa nasa. Wanda ba ya nan kada a rataya masa aiki sai an kira shi ya ce ya yarda.

Me ya sa ba za mu ce "sai an sanar da zama na gaba" kawai ba?

Domin ba a sanarwa sai ruwa ya ɗauke. A tsayar da rana, awa da wuri a rubuta, tare da abin da za a duba: farashin sumo, gidaje 14 da ake bi, da ragowar 60,000 na alkawari. Lokacin da ake tsakiyar aiki mako biyu ya fi, in komai na tafiya daidai wata-wata ya isa. Ku kuma yi la'akari da yanayin Jos: rijiyoyin gida kan ja baya a Fabrairu da Maris kafin ruwan sama ya sauko wajen Afrilu, lokacin da layin jarkoki ke tsawo sumo ke shan wahala. Zaman duba wayoyin lantarki, tanki da asusun gyara ya kamata ya faɗo a Disamba ko Janairu.

In na gano kuskure bayan an tashi, in goge?

Kada ka goge, kada ka yage shafi. Yi amfani da littafi mai ɗinki, ka sa wa shafuka lamba tun ranar farko. A zama na gaba ka karanta bayanin da ya gabata, a gyara a gaban kowa: layi ɗaya a kan adadin da ba daidai ba yadda za a iya karanta shi, sabon a samansa, kai da shugaba ku sa hannu. Hoton shafin da ka tura wa 'yan kwamiti a WhatsApp daren zaman shi ne shaidarka cewa ba a taɓa komai ba a tsakani. Ka adana littafin da kyau, domin ranar da za ku buɗe asusun ƙungiya ko ku yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, bayanin zaman da aka zaɓi masu sa hannu ko amintattun yana cikin takardun da za a nema.