Biyan kuɗin talla da katin naira: yadda farashin dala ke cin kasafin da aka ƙayyade

Ɗan kasuwar da ya ware naira 150,000 domin tallar wata guda a Facebook ko Instagram yana ɗauka cewa ya rufe lissafi, amma idan asusun tallarsa da dala aka buɗe shi, abin da ya ƙayyade shi ne adadin dalar kawai. Nairar da za ta fita daga asusunsa kuwa bankinsa ne zai yanke ta, a ranar da aka caji katin.

Tushen wannan yana cikin tsarin canji na Babban Bankin Najeriya. A shekarar 2022, lokacin da dala ta yi ƙaranci a hannun bankuna, da yawansu sun rage abin da katin naira zai iya biya a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata, daga baya kuma suka dakatar da shi gaba ɗaya. A ranar 14 ga Yuni, 2023 Babban Bankin ya haɗe kafofin canji wuri guda, ya bar kasuwa ta yanke farashi, sai dalar da ake sayarwa a hukumance kusan naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, ta kuma kai wajen 1,500 a farkon 2024. A watan Yuli na 2025 ne bankuna da dama suka sake buɗe katunan naira ga biyan kuɗi na waje, kowane banki da iyakarsa, wani a wata, wani a wata uku. Abin lura a nan shi ne, farashin da Babban Bankin ke wallafawa a shafinsa bayani ne na yadda aka yi ciniki a kasuwar hukuma, kuma bai wajabta wa banki ya caji katin mutum da shi ba. Kowane banki yana da farashinsa na kati, wanda galibi ya ɗara na hukuma, kuma cikin wannan tazarar ladan canjin yake ɓoye ko da ba a rubuta shi daban ba.

Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka domin lissafi kawai. Wata mai sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ta ga dala a naira 1,500, ta raba 150,000 ɗinta da wannan farashi, ta saka kasafin dala 100. Abu na farko da ya tsallake mata shi ne harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya fara ɗorawa a kan tallace-tallacen Najeriya tun Janairun 2022, kuma a saman kasafin ake ɗora shi. Dala 100 ta zama 107.50 ke nan.

Na biyu shi ne lokacin cirewa, kuma nan ne yawancin mutane ke ruɗewa. Idan da kati ake biya, Meta ba ta karɓar kuɗin a farko. Tana barin talla ta yi ta gudana har bashin ya kai wani adadi da ake gani a shafin biyan kuɗi da sunan `Payment threshold`, ko kuma ranar lissafin wata ta zo, sannan ta caji katin. A ce adadin nata dala 50 ne, wato za a caje ta sau biyu, dala 53.75 kowane karo. A tsakiyar wata farashin katin bankinta 1,550 ne, sai aka cire kusan naira 83,300. A ƙarshen wata naira ta sauka, farashin ya koma 1,620, aka cire 87,075. Jimilla ta kai kusan naira 170,400, ƙarin sama da 20,000 a kan abin da ta ware, alhali ba a ƙara wa tallar ko kwana ɗaya ba. Fiye da rabin wannan ƙari haraji ne, wanda sananne ne tun kafin a fara. Sauran kuma tazarar banki ce da motsin dala.

Lissafin da ya dace daga farashin katin banki yake farawa. Ta nemi farashin kati na ranar daga bankinta, ta ɗora masa kamar kashi biyar cikin ɗari na kariya, 1,550 ya zama kusan 1,630. Idan ta raba 150,000 da 1,630 za ta sami dala 92, idan kuma ta raba wannan da 1.075 domin fitar da haraji, abin da ya rage dala 85 ne da 'yan kai. Wannan ne kasafinta na gaskiya, kuma ya fi kyau ta saka shi a `Lifetime budget`, wato kasafin dukan tsawon tallar, maimakon kasafin kullum, domin na kullum matsakaici ne, wata rana ana kashe fiye da shi.

Mai son sanin farashin da aka caje shi ba ya buƙatar tambayar kowa: ya ɗauki nairar da ke cikin saƙon banki, ya raba ta da dalar da ke kan rasit ɗin tallar. Sai dai ya sake duba bayanan asusunsa bayan kwana biyu ko uku, domin abin da ake fara riƙewa a kati da abin da ake kammala biya suna iya bambanta idan farashi ya motsa a tsakani, sai a ga wani ɗan cirewa ya biyo baya. Idan tazarar ta wuce farashin da bankin ya sanar, a rubuta masa ƙorafi tukuna, in bai warware ba a kai ga sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Bankin.

Iyakar kati ma tana da nata sharrin, domin duk abin da aka biya a waje da katin, har da kuɗin manhajoji da na sayayya, daga iyaka ɗaya yake fita. Da ta cika sai caji ya ƙi shiga ko da akwai kuɗi a asusu, talla ta tsaya, bashin kuma ya zauna da dala, a biya shi da farashin ranar da aka samu biya.

A ganina, wanda cinikinsa da naira ne, masu sayensa kuma suna Kawo, Tudun Wada ko Barnawa, asusun talla na naira wanda ake zuba wa kuɗi tun farko ya fi masa kwanciyar hankali, domin abin da ya zuba shi ne iyakar abin da za a kashe. Faɗuwar naira ba ta ƙyale shi gaba ɗaya ba, tunda gwanjo ake yi a kan gurbin talla kuma akwai masu tayi da dala, don haka kuɗinsa na iya kai wa ga mutane kaɗan, amma ba za a cire masa fiye da abin da ya yarda ba. Sai dai a yi shawarar tun wajen buɗe asusu: a Meta canza nau'in kuɗi yana nufin rufe tsohon asusun talla a buɗe sabo, a Google Ads kuwa ba a canza shi sam bayan an buɗe. Wanda yake samun dala a asusunsa na dala, shi ne asusun talla na dala ya dace da shi, tunda babu canjin da zai shiga tsakani.