An ce ruwa kashi uku ne, me ya sa ake cire mini 34,000 a albashi?

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da ke shigo mini a wata naira 120,000 ne. Na ci bashin naira 300,000 a wani kamfanin ba da rance, aka ce ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata, a biya cikin shekara ɗaya. Naira 291,000 kawai na gani a asusuna, kuma duk wata ana cire mini 34,000. An cuce ni ne, ko haka lissafin yake?

Amsa: Lissafinsu ya tafi daidai da abin da ka sa wa hannu, sai dai kashi 3 ɗin da ka ji ba shi ne ainihin abin da kake biya ba. Ɗauki biro mu bi shi tare. Kashi 3 na 300,000 naira 9,000 ne. Sun ninka shi sau 12 ya zama 108,000, suka ɗora a kan uwar kuɗi ya zama 408,000, suka raba gida 12. Ga 34,000 ɗinka nan ta fito. Wannan salon shi ne za ka ga an rubuta masa `flat` a takarda ko a manhajar waya: ruwan wata na ƙarshe daidai yake da na watan farko, kamar ba ka taɓa biyan ko sisi ba.

A nan gizo ke saƙa. A wata na goma sha biyu abin da ya rage a kanka na uwar kuɗi 25,000 ne kacal, amma har a lokacin 9,000 suke karɓa, wato ruwan 300,000 cif. Kana biyan hayar kuɗin da ka riga ka mayar.

Ɗaya salon, wanda ake rubuta wa `reducing balance`, kan ragowar bashi yake lissafa ruwa. Da a kansa aka ba ka wannan rance da kashi 3 ɗin nan dai, naira 30,139 za a riƙa cirewa. A watan farko ruwa 9,000 ne, sauran 21,139 ya rage uwar kuɗi ta koma 278,861. A wata na biyu ruwan ya sauko 8,366, domin a kan 278,861 aka lissafa shi, kuma haka zai yi ta sauka har ƙarshe. Jimillar ruwan shekarar kusan 61,700 ke nan, a maimakon 108,000. Sunan kashin ɗaya, amma tazarar ta haura naira 46,000, ta fi abin da ake cire maka a wata guda.

To nawa ne ainihin ruwan da nake biya?

Sai ka yi lissafi da kuɗin da ya shiga hannunka, ba wanda aka rubuta a saman takarda ba. Kai 291,000 ka karɓa, kuma za ka mayar da 34,000 sau 12. Buɗe Excel ko Google Sheets, ko a waya ne, ka rubuta:

```
=RATE(12,-34000,291000)
```

Zai ba ka kusan kashi 5.6 cikin ɗari a wata. Idan ka ga 6%, ƙara gurbin ɗigo kawai; idan kuma 0.056 ka gani, amsar ɗaya ce. Ninka sau 12, ka ga ya ɗan haura kashi 67 a shekara. Wannan shi ne adadin da za ka riƙe idan kana gwada rancen wani wuri da na wani. Mai cewa kashi 4 a kan ragowa ya fi mai cewa kashi 3 `flat` sauƙi, ko da yake a kunne na biyun ya fi daɗi. Masu tallar rance da ke zagaya sakatariya da fom a hannu sun san haka sarai, shi ya sa kashin wata suke faɗa, ba sa faɗin na shekara.

Idan kuma ba ka kai ga karɓa ba, kana so ka gane wane salo ake nufi, gwada wannan:

```
=PMT(3%,12,-300000)
```

In abin da suka ce za a riƙa cirewa ya zo daidai da amsar, wato 30,139, a kan ragowa ne. In ya zarce, ko dai `flat` ne ko akwai wani caji da aka cusa a ciki.

Ina naira 9,000 da ba ta shigo ba ta tafi?

Yawanci kuɗin gudanarwa ne da na inshora, kuma dole kowanne ya fito da sunansa da adadinsa a takardar tayin rance da ka sa wa hannu. Ƙa'idar caje-caje ta Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta ce kuɗin gudanarwa kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na rancen, kuma sau ɗaya ake karɓa. A naka 3,000 ke nan, in mai rancen yana ƙarƙashin Babban Banki. Sauran 6,000 ɗin ka nemi a nuna maka layinsa. In an ce inshora ce, tambayi abin da ta rufe: mutuwa kaɗai, ko har da rasa aiki? Mutane na biyan wannan kuɗi ba su san cewa idan ta Allah ta kasance inshorar ce ya kamata ta biya ragowar ba, sai a zo ana matsa wa iyali.

Ba a ba ni wani jadawali ba. Me zan nema, kuma me zan duba a ciki?

Nemi jadawalin biya a rubuce, haƙƙinka ne. Jadawali na gaskiya yana da layi ɗaya ga kowane wata, kuma kowane layi na nuna ranar biya, adadin da za a cire, nawa ne ruwa a ciki, nawa ne uwar kuɗi, da abin da ya rage. Takardar da ta ce "34,000 sau 12" kawai ba jadawali ba ce.

In ya zo hannunka, haɗa ginshiƙin uwar kuɗi ka ga ko ya ba da 300,000, sannan ka leƙa layin ƙarshe ka tabbatar ragowar ta koma sifili. Sai aikin da mutane ke ƙyashin yi: tattaro takardun albashinka tun daga watan da aka fara cirewa, ka jera su gefen jadawalin, kana sa alama wata bayan wata. Haɗa da bayanin asusunka na banki, domin ba duk cirewa ce ke fitowa a takardar albashi ba. Wata daga tushe ake yin ta, ofishin albashi ko IPPIS ya cire kafin kuɗin su iso ka. Wata kuwa sai albashi ya sauka a asusu banki ya zare. Wanda ya duba takarda ɗaya kawai ba zai gane ana cirewa ta fuska biyu ba.

Na taɓa zama da wani abokin aikina da ya rantse an cire masa wata goma sha uku. Muka baza takardunsa a kan tebur, goma sha uku ɗin kuwa suka cika. Da aka bi diddigi, mai rancen bai aika wa ofishin albashi takardar dakatarwa ba, su kuma ba sa tsayar da cirewa sai sun ga takarda. An mayar masa, amma sai da ya yi wata biyu yana sintiri. Saboda haka tun ana saura wata biyu ka gama, ka rubuta musu su shirya takardar shaidar kammala biya, ka kai kwafi ofishin albashi da kanka.

Akwai kuma ciwon da ya fi wannan ɓuya. Ofis ya cire a albashinka a kan lokaci, amma bai tura wa mai rancen ba sai bayan makonni, shi kuma ya rubuta ka a wanda ya makara ya ɗora tara. Alamarsa ita ce ragowar da ke littafinsu ta fi ta jadawalinka alhali ba watan da ka tsallake. Takardar albashinka ce hujjarka a nan.

Idan na samu kuɗi a wata na shida, zan iya biya gaba ɗaya in huta?

Za ka iya, amma ka tambayi adadin a rubuce kafin ka tura ko kwabo. Bayan biya shida, uwar kuɗin da ta rage a naka 150,000 ce. Wani mai rancen zai karɓi wannan da ɗan caji. Wani kuwa zai ce sai ka kawo 34,000 sau shida, wato 204,000, har da ruwan watannin da ba a shiga ba. In haka yarjejeniyarka ta ce, biyan wuri ba ya rage maka komai. Wannan tarkon ne ke cikin tayin "zo mu ƙara maka": a rufe tsohon rance da 204,000 daga cikin sabon, a miƙo maka 'yan canji, sabon ruwa kuma ya hau kan tsohon ruwa.

Adibas ɗin da ofis ke bayarwa fa, shi ma da ruwa?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana mai aiki ɗora ruwa ko wani caji a kan adibas ɗin albashi. Ta kuma ce kada adibas ya wuce albashin wata ɗaya, kuma kada a karɓe shi cikin ƙasa da wata uku. Wanda ya karɓi 90,000 a ofis, 30,000 a wata ne iyakar abin da za a cire masa dominsa. Amma abin da banki ke kira `salary advance` a manhajarsa rance ne mai ruwa kamar kowane rance, suna ne kawai ya zo ɗaya. Masu gudun riba sukan nufi ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ko bankuna irin su Jaiz da TAJ, inda ake sayar maka da kaya a kan farashin da aka yanke tun farko. Can ma ka nemi jadawali.

Akwai iyakar abin da za a iya cire wa mutum?

Dokar nan ta ce jimillar abin da mai aiki zai cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. In muka auna da 120,000 ɗinka, 40,000 ke nan, ka ga 34,000 ta kusa cike gurbin. Sai dai dokar ba ta rufe masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, kuma ba ta hana banki zarar abin da ka ba shi izini bayan kuɗi sun sauka a asusunka. Tun watan Agusta na 2020 ma akwai tsarin GSI: in ka sa masa hannu kuma ka gaza biya, ana iya bin lambar BVN ɗinka a ɗebi uwar kuɗi da ruwa daga asusunka na wasu bankuna, ban da kuɗin tara. Sauya bankin albashi ba ya ɓatar da sawu.

In ka gano an cire fiye da ƙima, rubuta ƙorafi ga bankin ko kamfanin, haɗa kwafin jadawali da takardun albashi, ka karɓi lambar ƙorafi ko hatimin karɓa. In wa'adin da ƙa'ida ta ba su ya wuce ba a warware ba, kuma mai rancen yana ƙarƙashin Babban Banki, kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin da wannan lambar. Bayan an gama, nemi rahotonka a ɗaya daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su CRC ko FirstCentral, doka ta ba ka guda kyauta a shekara, ka ga ko an rubuta rancen a matsayin wanda aka rufe.